Neman mazaunin rauta a gidanmu

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yau watanmu uku da sayen rauta mai sim, wato na'urar da ke raba intanet a gida ta waifai, kuma kullum ƙorafin ɗaya ne: a falo intanet na gudu, da ka shiga ɗakin kwana sai ya ɗauke. Uwargida tana sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Idan mai saye ta kira ta bidiyo tana son ganin kaya, sai ta kwaso su niƙi-niƙi zuwa falo, ko da baƙi maza a zaune. Babbar 'yarmu kuma teburin karatunta yana ɗakin yara, amma a kan ledar falo take bin darasin lissafi a waya.

Jiya na tsaya shagon wani mai kayan waya, ya nuna mini na'urar ƙara zango, wadda suke kira rifita, a kan naira 25,000. Na ce ya dakata tukuna. Gidan da tsawonsa bai wuce mita 12 ba, faɗinsa mita 8, bai kamata rauta ɗaya ta gaza shi ba. Zargina yana kan inda na ajiye ta.

Na zana taswirar gidan a bayan kalanda. Falo yana yamma, tagarsa na kallon titi. Daga falo korido ya miƙe gabas, tsawon mita 5. Hannun hagu kicin da banɗaki, hannun dama ɗakin yara, ƙarshen korido ɗakinmu. Tsakar gida tana kudu, ana fita ta wata ƙofar ƙarfe daga falo. Bangon waje bulo ne mai inci 9, na ciki mai inci 6, rufi kwano. Rautar kuwa tana kusurwar arewa maso yamma ta falo, a ƙasan teburin talabijin, tsakanin dikoda da sifika. Da na ɗiga wurin a taswira na ga ashe babu inda ya fi nan nisa da ɗakinmu a duk gidan. Sigina tana bazuwa ne ta kowane gefe, don haka abin da ya fi rabinta titi da gidan maƙwabci yake tafiya.

Na sauke manhajar auna ƙarfin waifai a wayata. Tana ba da lamba da ake kira dBm, kullum da alamar ragi a gabanta. Idan lambar ta matso kusa da sifili, siginar ta fi ƙarfi: -50 ta fi -70. Abin da ake so don kiran bidiyo ya tafi sumul shi ne -67 ko abin da ya fi haka kyau. Daga -80 kuwa waya tana nuna ta haɗu, amma ba abin da zai buɗe.

Awon farko: kujerar falo -45, kicin -66, teburin ɗakin yara -72, kan gadonmu -81, tabarmar tsakar gida -78. Burina kowane ɗaki ya kai -67.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na sake awon da safe, lambobi suka bambanta da na jiya har da maki huɗu a wasu wurare. Dalili biyu na gano. Jiya ƙofofi a buɗe suke, yau a rufe. Sannan idan na juya wa rauta baya, wayar na gabana, jikina ne ke tare siginar, domin ruwa yana shanye ta, jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne.

Na kafa wa kaina ƙa'ida: waya ɗaya, a ajiye ta inda ake amfani da ita na ainihi, in ja baya, in jira daƙiƙa talatin, in rubuta lambar da ta fi daɗewa a allo. Ƙofofi kuma a bar su yadda suke zama kullum. Sandunan sigina na saman waya na daina duba su, domin sanda uku a wayata sanda huɗu ce a ta uwargida.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ban sayi komai ba, ban ja waya ba. Na dai ciro rautar daga ƙarƙashin talabijin na ɗora ta saman kantar littattafai da ke gefe, tsayin kusan mita 2, na miƙar da eriyoyinta sama tsaye. Kan gadonmu ya koma -75, ɗakin yara -67, kicin -60.

Maki shida a ido ba su da yawa, amma lissafin dBm ba irin na kasuwa ba ne. Ƙarin maki uku ninki biyu ne na ƙarfi, maki shida ninki huɗu, maki goma ninki goma. Wato tsawon wata uku, kashi uku cikin huɗu na abin da ya kamata ya isa ɗakinmu yana mutuwa ne a nan falo. Bayan talabijin akwai faffaɗan ƙarfe a ciki, dikoda ma gidanta ƙarfe ne, ƙarfe kuwa mayar da sigina baya yake yi. Ga kujeru da ƙafafun mutane duk a daidai tsayin da rautar take. A sama ba abin da ke gabanta sai iska.

Batun eriya ma na fahimce shi yau. Irin wannan mai kama da sanda ba ta kan tsininta take harbawa ba, ta gefenta take bazawa, kamar yadda faifai ke kewaye da hannun da ya riƙe shi a tsakiya. A gida marar bene tsaye ya kamata ta kasance. Ni kuwa dā na kwantar da su ina nuna korido da tsininsu, a zatona kamar tocila suke.

Asabar, 12 ga Afrilu

Wannan rana ta ba ni wahala, zan rubuta ta dalla-dalla.

Na sayo wayar jona wuta mai mita 10, naira 6,500. Na ɗora kujera a kan tebur a tsakiyar korido, na aza rautar a kai, domin duk wanda ya san harkar zai ce maka a sa ta tsakiyar gida. Awon ya yi kyau ƙwarai: falo -55, kicin -52, ɗakin yara -54, gadonmu -58. Ko'ina sanda ta cika. Na kira uwargida na ce ta gwada kiran 'yar'uwarta daga ɗaki.

Minti biyu ta leƙo. "Abban Nana, ai gara dā. Hoton ma ya tsaya cak, murya sai gutsure-gutsure."

Na gwada awon gudu ina tsaye dab da rautar, ya ba ni 3 Mbps. A falo kwanakin baya nakan samu tsakanin 18 da 22. Na kashe na kunna, haka. Na duba ko data ce ta ƙare, akwai saura da yawa. Na zata sabis ne ya lalace a unguwa, sai na mayar da rautar saman kanta a falo, gudu ya dawo 19. Na sake kai ta korido, ya sauka 4. Sau uku ina wannan zirga-zirgar kafin abin ya faɗo mini.

Rauta mai sim aiki biyu take yi a akwati ɗaya. Tana karɓar sabis daga hasumiyar kamfanin waya da ke waje, sannan tana raba shi cikin gida ta waifai. Duk awon da nake yi tun makon jiya na rabin aikin ne kawai, wato daga rauta zuwa waya. Ɗaya rabin ban taɓa duba shi ba. Tsakiyar korido ita ce wuri mafi kyau ga rabawa, kuma ita ce mafi muni ga karɓa: ba taga, bango biyu ta kowane gefe, kwano a sama. Shawarar tsakiyar gida daidai ce ga wanda intanet ɗinsa ke shigowa ta kebul. Mai sim yana da wani lissafin daban.

Na buɗe shafin saitin rautar a burauza. Adireshin yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta, tawa 192.168.0.1 ce. A shafin bayanin na'ura na samu lambobi biyu. RSRP tana nuna ƙarfin siginar hasumiya, ita ma da dBm. SINR tana nuna tsabtarta, wato yadda ta rinjayi hayaniyar da ke kewaye da ita, kuma ita yawanta ake so. A saman kanta RSRP -90 ce, SINR 13. A korido RSRP -104, SINR 3. RSRP da ta sauka ƙasa da -100 ta raunana, SINR da ke kusa da sifili kuma gudu ba zai yiwu ba ko nawa ka sayi data.

Da daddare na koyi hanyar raba gardama da kwamfuta. Umarni biyu ne a kwamfuta mai Windows:

```
ping 192.168.0.1 -n 30
ping 8.8.8.8 -n 30
```

Na farko yana ƙwanƙwasa wa rautar ne kawai, bai fita gida ba. Na biyu yana fita har intanet. Idan na farko na jinkiri ko yana ɓatar da saƙo, laifin waifai ne, a duba bango da nisa. Idan na farko lafiya lau na biyu ne ke tangal-tangal, laifin na wajen sabis ne. A korido na farko yana dawowa cikin 2 ko 3 ms, wato kashi 2 ko 3 cikin dubu na daƙiƙa, babu ko ɗaya da ya ɓata. Na biyu ya ɓatar da shida cikin talatin.

Na mayar da ita saman kanta. Daga yau duk wurin da zan gwada sai na rubuta awo biyu.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na fita da yamma na zaga unguwa ina ɗaga kai. Hasumiya mafi kusa tana yamma da mu, bayan makarantar firamare, tafiyar kamar minti bakwai. Na dawo na ɗora rautar a dakalin tagar falo: RSRP -84, SINR 17, gudu 31 Mbps, abin da ban taɓa gani ba a gidan nan. Ɗakinmu kuwa ya koma -79. Zan bar ta nan na 'yan kwanaki in ga yadda za ta kasance.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Tagar ba za ta yiwu ba, kuma ba don ɗakinmu kaɗai ba.

Tun Litinin Nana ke cewa intanet yana yankewa bayan ta dawo makaranta. Yau na dawo da wuri na zauna na sa ido. Ƙarfe uku da rabi fitilun rautar suka mutu gaba ɗaya, suka sake kamawa ɗaya bayan ɗaya. Huɗu da minti goma ta sake. Wuta ba ta ɗauke ba, fanka na juyawa. Na taɓa bayanta, sai da na janye hannu. Tagar yamma ce, daga bayan azahar har kusan magariba rana na dukanta kai tsaye, ga gilashi, ga labule mai kauri da ya lulluɓe ta ta baya ya hana iska. Takardar da ta zo da ita ta ce iyakar zafin da aka yi ta don shi digiri 40 ne. A Kano a watan Afrilu inuwa ma tana kaiwa haka, balle dakalin taga.

Na sauke ta, na bar ta ta huce, na mayar saman kanta. Ba ta sake mutuwa ba har dare. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kwana huɗu tana wannan gashin, kuma zafi irin wannan yana rage kwanan na'ura ko da ba ta nuna nan take ba.

Wani abin da na lura a tagar: idan rautar tana dab da ragar sauro ta ƙarfe da sandunan tsaro, RSRP tana raguwa da maki biyu zuwa uku a kan idan na ja ta baya da taku ɗaya. Ashe ba manna ta da taga ake bukata ba, a bar ta dai tana hango tagar.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na sayi ƙaramin batirin rauta, irin mai fitar da wuta 12V, naira 24,000. Dama ina da niyya saboda ɗauke wuta, amma abin da ya sa na gaggauta shi ne in iya yawo da rautar a kunne. Da wayar jona wuta kowane gwaji sai na cire na jona na jira ta tashi, minti biyu zuwa uku. Kafin in biya sai da na duba rubutun cajar rautar, 12V 1A, na kuma gwada bakin a shagon. Na sa shi a caji, gwaji sai mako mai zuwa.

Talata, 22 ga Afrilu

Ba aiki. Baƙi daga Zariya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Ni da Nana muka yi aikin, daga hantsi har azahar. Ni ina riƙe da rauta da batir a kan faranti ina ɗagawa sama da kaina, ita tana da waya biyu, ɗaya a shafin saiti tana karanta RSRP da SINR, ɗaya tana zagawa da ita ɗakuna. Kowane wuri muka tsaya minti ɗaya, domin lambobin hasumiya ba sa sauyawa nan take. Wurare tara muka gwada, na yi musu alama da alli a bango.

Abin da nake nema wuri ne da ido ɗaya ke ganin tagar yamma, ɗaya idon kuma na ganin cikin korido. Wurare bakwai suka faɗi da wuri. Saura biyu, duka a bangon gabas na falo, kusa da bakin korido, inda rana ba ta kaiwa.

Na farko yana hagu da bakin korido da kusan mita ɗaya. RSRP -92, SINR 12, ba laifi. Kicin ya yi kyau. Amma ɗakin yara ya ba da -70, alhali tsakaninsa da wurin bai kai mita 4 ba. Ya ɗaure mini kai, don daga saman kanta, wadda ta fi nisa, -67 muke samu. Sai da na ɗauko taswira na ja layi da rula daga alamar zuwa teburin Nana. Layin bai ratsa bango kai tsaye ba. Ya shiga bangon falo a karkace, ya fito, ya sake shiga bangon ɗakin yara a kwance sosai, kamar wanda ke yanka rake a shesshere. Bulo mai inci 6 da filasta kaurinsa kamar santimita 18 ne idan ka huda shi a miƙe. Idan layin ya kwanta ya bi jikin bangon, tafiyar cikin siminti tana iya kaiwa santimita 70. Bango ɗaya ya zama huɗu ke nan.

Na biyu yana saman bakin koridon daidai, a ɗan sararin da ke tsakanin kan ƙofa da silin. Tazararsa da na farko ba ta fi taku biyu ba. Daga nan siginar tana bin korido a buɗe, ta shiga ɗakin yara ta ƙofar katako, ta isa ƙofar ɗakinmu ba tare da ta taɓa bulo ba. Nana ta ƙwala daga ɗaki: "Abba, -58!" Kicin -57, falo -48, gadonmu -69. RSRP -93, SINR 11, gudu tsakanin 15 da 17 Mbps.

Na san na bar kusan rabin gudun da taga ke bayarwa. Na yarda da wannan cinikin. Kiran bidiyo ɗaya ba ya bukatar fiye da 'yan Mbps kaɗan, kuma 16 da ta isa kowane ɗaki ta fi mana amfani a kan 31 da ta tsaya a falo.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Saura maki biyu a ɗakinmu. Na ɗora rautar a kan tsani a sabon wurin, na shiga ɗaki ina bin bango da waya. A bakin ƙofa -60, a gefen gado na dama -63, a gefen uwargida -69. Tsakanin ƙofa da gefenta akwai wadirob mai dogon madubi a murfi. Bayan madubi shafen ƙarfe ne siriri, shi ke sa ka ga fuskarka, kuma yadda yake mayar da haske haka yake mayar da sigina. Ga tulin atamfofi a ciki.

Muka tura wadirob ɗin zuwa bangon arewa, wanda ke jingine da banɗaki, inda dama ba wata sigina da za ta bi ta wajen saboda tayil da bututun ruwa. Gefenta ya koma -64. Da la'asar ta yi kiran bidiyo na minti ashirin da wata mai saye daga Katsina, tana zaune a bakin gado da kayan a baje, bai yanke ba ko sau ɗaya.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutun ranar ma'aikata. Kafinta ya zo. Ya kawo shawarar ya yi mini ɗan akwati mai murfi saboda ƙura, da ƙafafun ƙarfe masu ado. Na ce masa, "Malam, falle ɗaya na katako nake so, faɗin tafin hannu biyu, ba murfi, ba gefe." Akwati zai dawo da matsalar zafi, ƙura kuwa tsumma ya ishe ta. Mun bar tazarar kamar santimita 30 tsakanin kan eriya da silin, don kada ta matsu da zafin da ke sauka daga kwano. Katako da aiki naira 4,500.

Da yamma mai gyaran wuta ya zo. Babu soket a wurin, mafi kusa yana mita 6. Ya ce hanya mafi sauƙi ita ce ya yanke wayar caja ya ƙara mata tsawo da siririyar waya, ya bi da ita ta gefen silin. Na yarda, don ba sai an fasa bango ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Ƙarin wayar bai yi ba. Tun daren Alhamis rautar ke mutuwa tana tashi, amma ba kamar na taga ba. Wancan da rana ne kawai, kuma jikinta da zafi. Wannan ba shi da lokaci, jikinta a sanyaye, kuma na lura ya fi faruwa idan mutum biyu ko uku suna kallon bidiyo a tare, ko na fara awon gudu. Na jona ta da batir kai tsaye da guntuwar wayarsa, ta yi awa uku ba ta motsa ba.

Na kira mai gyaran wuta ya zo da mitarsa. A bakin caja 12.1V. A ƙarshen doguwar wayar, lokacin da rautar ke aiki sosai, tana sauka ƙasa da 11. Ƙaramar wuta irin wannan idan ta bi siririyar waya mai tsawo, wani kaso yana salwanta a hanya, kuma asarar tana ƙaruwa daidai lokacin da na'urar ta fi jan wuta. Da ya ga awon bai yi musu ba. "Alhaji, gaskiya babbar wutar ya kamata mu kawo kusa, caja ta zauna da tsawonta."

Ya ja waya mai kyau cikin farar roba ta bin bango, ya kafa soket a gefen katakon. Na sayi sabuwar caja a maimakon wadda aka yanke, amma ya cire kuɗinta daga ladansa da kansa. Duka naira 9,000. Yanzu soket na ba batir, batir na ba rauta, duk a kan katako ɗaya, batirin a gefe ba a ƙarƙashinta ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Kwana huɗu ba mutuwa. An ɗauke wuta jiya na awa biyar, intanet bai yanke ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Akwai wani ɗan jinkiri da ke zuwa tsakanin takwas da goma na dare, ko a wurin da sigina take -58. Na yi gwajin ping ɗin nan biyu. Na waje ya ɗan yi nauyi, wannan cunkoson hasumiya ne, ba ni da iko a kai. Amma na cikin gida ma yana tsalle daga 3 ms zuwa sama da 100 lokaci-lokaci, wannan kuwa nawa ne.

Manhajar ta nuna waifai bakwai na maƙwabta. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Tawa tana kan 6, tare da wasu huɗu, biyu daga cikinsu masu ƙarfi ne daga gidan da muka haɗa katanga. Tasha ta 11 guda ɗaya ce a kai, ita ma can nesa. Na koma 11, na kuma tsayar da faɗin tasha a 20 MHz. Tsallen ya ragu sosai.

Rautar tana da zango biyu, 2.4 da 5 GHz, na kuma raba sunayensu. Na 5 GHz ya fi gudu kuma ba cunkoso, amma bango yana cin sa fiye da na 2.4. A falo da kicin da ɗakin yara yana aiki lafiya, a gadonmu -73 yake bayarwa. Talabijin da kwamfutata na sa su a 5, wayar uwargida na bar ta a 2.4. Duk lambobin da na rubuta a baya na 2.4 ne.

Asabar, 17 ga Mayu

Awon yau, ƙofofi yadda suke zama kullum: falo -48, kicin -57, ɗakin yara -58, gadonmu -64. RSRP tana wasa tsakanin -92 da -95. Kuɗin da aka kashe naira 44,000, daga ciki 24,000 na batir ne. Wayar jona wuta ta koma kicin, firji ke amfani da ita.

Tsakar gida ce ta rage. Idan ƙofar ƙarfe a buɗe take -65, idan an rufe -75, domin ba wata hanya sai bulo mai inci 9. Yanzu da zafi a nan muke shimfiɗa tabarma bayan isha, kuma ana rufe ƙofar saboda sauro. Saƙo yana shiga, kiran murya yana yi, bidiyo ne ke tsayawa. Na gwada matsar da rautar taku biyu kudu a kan tsani: tsakar gida ta samu maki uku, ɗakinmu ya rasa shida. Na mayar da ita mazauninta.

Rifita har yanzu ban saya ba. Irin mai arha da rediyo ɗaya take ji da shi take maimaitawa, don haka gudu yana raguwa da kusan rabi, kuma sai an ajiye ta inda sigina ke da ƙarfi, wato cikin falo, bayan wannan ƙofar dai. Ƙanena yana da tsohuwar rauta da ba ya amfani da ita, ya ce in aiko a karɓa. Shirina in ja kebul Cat6 na mita 15 daga tawa zuwa ƙarƙashin rumfar tsakar gida, in saita tsohuwar ta zama mai rabawa kawai, a kan tasha ta 1. Sai dai ina so in ga ruwan farko tukuna, in san inda feshi ke kaiwa a ƙarƙashin rumfar kafin in huda bango. Hadari ya haɗu ta gabas shekaranjiya, iska ta watsa shi. Ranar Litinin zan tambayi kuɗin kebul a Sabon Gari.